GANAU, JIYAU DA MAI TATTARAWA: WACCE SHAIDA ZA MU ƊORA TARIHIN GARINMU A KANTA?

Jawabin da tsohon hedimasta ya gabatar a taron shekara na ƙungiya

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban wannan taro. Dattawa iyayen ƙasa. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da suka baro ayyukansu a birane suka zo gida, muna yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, an ɗora mana nauyin mu ce wani abu game da littafin tarihin garinmu da ƙungiya ta ƙudiri aniyar bugawa. Kwamitin da aka kafa ya kawo mana abin da ya tattara, mun kuwa duba shi shafi bayan shafi. Sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai mun ga wani abu guda da ya wajaba mu gyara kafin a kai wa maɗaba'a. An jera maganar dattijon da aka yi abu a gabansa, da maganar ɗalibin da ya rubuta kundin digiri, da abin da aka kwafo daga kalanda ko daga saƙon waya, duk an ba su daraja ɗaya. Littafin nan kuwa, in ya fito, shi jikokinmu za su ɗauko ranar da aka yi gardamar sarauta, ko ta iyakar gona, ko ta wace unguwa ce ta riga wata zama. Magana zarar bunu ce, ta rubutu kuwa ta fi wuyar mayarwa.

Masana sun kasa madogara, wato inda aka samo bayani, gida uku. Madogara ta farko ita ce wadda ta fito daga zamanin da abin ya faru, daga hannun wanda ya gani ko aka yi da shi: wasiƙar da sarki ya aika, rajistar kotun alƙali, rasiɗin haraji, hoto, ganuwa da kufai, ko bakin tsohon da aka yi abin yana wurin. Wannan shi ne ganau. Madogara ta biyu ita ce aikin wanda ya zo daga baya, ya tara shaidun farko, ya auna su, ya fito da nasa bayani, kamar littafin masanin tarihi ko kundin bincike na jami'a. Wannan jiyau ne, amma jiyau mai bin diddigi. Madogara ta uku kuwa ita ce wadda ta tsamo daga ta biyu ta taƙaita domin sauƙin amfani: littafin karatun firamare, ƙamus, kalanda mai jerin sarakuna, da ƙasidar da ake rabawa ranar bikin naɗi. Mai wannan aiki bai gani ba, bai kuma bincika ba, tattarawa kawai ya yi.

Wannan rabo yana da sauƙin haddacewa. Wahalar tana wajen aiki da shi, don haka bari mu ɗauki misali guda da kowa ya sani, mu bi shi har tushensa.

Duk wanda ya zauna a ajinmu ya ji mun ce Bagauda ya zama sarkin Kano na farko a shekarar 999, ya yi mulki har 1063. Mun rubuta a allo, mun sa a jarrabawa, wanda ya rubuta wata shekara dabam mun ja masa jan biro. Shekaru da yawa muna yin haka ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu ba: wa ya ce 999? Mu dai a littafin karatu muka gani, wato madogara ta uku. Da muka ajiye alli muka sami sarari, sai muka bi sawun wannan shekara, ga kuma abin da muka tarar.

Littattafan karatu sun ɗauko ta ne daga littattafan masana. Su kuma masanan, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wuri guda suke komawa, wato fassarar da wani Baturen mulki mai suna H. R. Palmer ya yi ta wani littafin Larabci da ake kira Tarihin Kano. Ya buga fassarar da Turanci a wata mujallar masana ta Landan a 1908, ya sake buga ta a cikin wani littafinsa a 1928. A farkon shekarun 1930 kuma Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da labarin da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda da yawa daga cikin dattawan da ke nan suka karanta.

To, shi littafin Larabcin me ya ce? Ya jero sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Kowane sarki an faɗi sunansa, da abin da ya faru a zamaninsa, da yawan shekarun da ya yi a kan gado. Bagauda an ce ya yi shekara 66. Abin da littafin ya bayar ke nan, tsawon mulki. Shekarar 999 kuwa Palmer ne ya fitar da ita da lissafi. Ya tsaya a kan shekarun ƙarni na 19 da aka sani tabbas, ya riƙa ɗebe shekarun kowane sarki yana komawa baya, har ya iso kan Bagauda a shekara ta 389 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 999. Wannan ne ma ya sa in kun ƙirga daga 999 zuwa 1063 za ku sami 64 maimakon 66, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, abin da ke taruwa ya zama wajen shekara uku a kowane ƙarni.

Ku lura da abin da wannan yake nufi. Lissafin nan kamar igiyar guga ne da aka ƙulla da guntaye 48. In an manta da sarki guda, ko an ƙara wa wani shekara goma, ko sarakuna biyu sun yi zamani tare aka jera su ɗaya bayan ɗaya, to duk shekarun da ke gabanin wannan wuri sun goce. Akwai kuma wasu jerin sunayen sarakunan Kano da aka samu a rubuce waɗanda ba su dace da wannan littafi ba a kan tsawon mulkin wasu sarakuna. Saboda haka 999 ƙiyasi ce mai hankali, wadda ta cancanci a ambace ta da kalmar "wajen". Ba ta kai a kayar da yaro a jarrabawa saboda ita ba, mu kuwa mun kayar. Allah ya yafe mana.

Darasi na farko ke nan: yawan masu faɗa ba shi ne yawan shaidu ba. In littafi goma suka ce 999, kuma duk goman daga Palmer suka kwaso, to shaida ɗaya ce ta sa riga goma. Malamanmu na hadisi sun daɗe da sanin wannan. Ba sa ƙirga littattafan da magana ta fito a ciki, isnadi suke bi, su ga ta hanya nawa masu zaman kansu ta iso.

Yanzu sai tambaya ta biyu: shi Tarihin Kano ɗin, madogara ta farko ce ko ta biyu? Da yawa za su ce ta farko, tunda tsohon rubutun hannu ne da Larabci. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Tsufan takarda ba ya mai da ita ganau. Littafin, a yadda ya iso mana, an kammala shi ne a zamanin Sarki Bello, a shekarun 1880 zuwa farkon 1890. Masani John Hunwick, a wani nazari da ya buga a 1994, ya kawo hujjojin da suka sa yake ganin Ɗan Rimi Malam Barka, babban bawan sarki a fadar Kano, shi ne ya tsara shi. Wasu masana, kamar Murray Last, suna ganin an fara tara wani sashensa tun tsakiyar ƙarni na 17. Ko wanne muka ɗauka, tsakanin mai rubutu da Bagauda akwai ɗaruruwan shekaru: kusan 900 a bisa ra'ayi na farko, wajen 650 a bisa na biyu.

Don haka amsar ta danganta da abin da kake tambayar littafin. In ka tambaye shi labarin Sarki Abdullahi Maje Karofi ko na Sarki Bello, to wanda ya kammala shi ya rayu a zamaninsu, ya san mutanen da aka yi abin da su, maganarsa tana da nauyin ganau. In ka tambaye shi yadda fadar Kano take kallon tarihinta a ƙarshen ƙarni na 19, nan ma shaida ce ta farko, mai ƙarfi ƙwarai. Amma in ka tambaye shi Bagauda da Barbushe, to jiyau ne, yana ba ka abin da ya tsinta daga waƙoƙi, da kirarin sarakuna, da bakin maroƙa, da tsofaffin jerin sunaye. Littafi ɗaya ne, amma nauyinsa a shafin ƙarshe dabam, a shafin farko dabam. Darasi na biyu ke nan: ba a yi wa takarda hatimi sau ɗaya a ce wannan ta farko ce har abada. Tambayarka ce take nuna matsayinta.

Kada wani ya ce ashe littafin ba abin dogaro ba ne. Ba mu ce haka ba. Akwai hanyar gwada shi, ita ce a nemo wata shaida da ba ta sha ruwa a rijiyarsa ba. Littafin ya nuna zuwan manyan malamai baƙi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda lissafin Palmer ya sa mulkinsa daga 1463 zuwa 1499. Muna kuwa da rubuce-rubucen Shehu Magili da kansa, ciki har da nasihar da ya rubuta wa sarkin Kano wajen shekarar 1492. Sannan Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya ambaci tafiyar Magili zuwa Kano da Katsina a littafinsa na tarihin malamai, Nailul Ibtihaj. Ahmad Baba bai karanta Tarihin Kano ba, hanyarsa dabam ce. Da hanyoyin nan suka haɗu a wuri guda, sai zuciya ta natsu cewa lissafin bai yi nisa da gaskiya ba, aƙalla daga zamanin Rumfa zuwa gaba. Kafin Rumfa kuwa irin waɗannan shaidu na waje sun yi ƙaranci, don haka natsuwar tana raguwa gwargwadon komawarmu baya.

Wani lokaci kuma shaidun ba sa haɗuwa, karo suke yi. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, a zamanin Sarki Yaji, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Amma akwai wani ɗan littafi mai suna Aslul Wangariyyina, wanda aka rubuta wajen 1650, Muhammad Alhaj ya buga shi a 1968. Shi ya ce Zaite ya baro Mali a shekara ta 835 bayan Hijira, wato wajen 1432, ya kuma iso Kano a zamanin Rumfa, har ya haɗu da Magili. Tsakanin maganganun biyu akwai kimanin ƙarni guda. Wanne za mu ɗauka?

Mai gaggawa zai zaɓi wanda ya yi masa daɗi. Mai aunawa kuwa zai ce: Aslul Wangariyyina ya fi kusa da zamanin, kuma daga cikin zuriyar mutanen ya fito, wannan ƙarfinsa ne. Amma shi ma ba ganau ba ne, an rubuta shi fiye da shekara 150 bayan Rumfa. Kuma zuriya tana da sha'awar ta haɗa kakanta da babban sarki da babban malami. Akwai ma abin dubawa a cikinsa, domin daga 1432 zuwa zuwan Magili shekara 60 ne, tafiya mai tsawo ga mutum guda. Yana yiwuwa kuma Wangarawa sun zo fiye da sau ɗaya, aka haɗe labaran a kan suna guda. Abin da marubucin kirki zai yi shi ne ya kawo duka biyun, ya faɗi wanda ya fi rinjaye a wurinsa da dalilinsa, ya bar ƙofa a buɗe. Wannan shi ne amfanin madogara ta biyu in ta amsa sunanta: tana nuna maka saɓanin da ta uku take ɓoyewa. Kalanda ba ta da filin cewa "an yi saɓani". Shekara guda za ta buga, da manyan baƙaƙe.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, gaskiya ne, amma shi ma ganau yana da iyaka. Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Abin da ya bayyana na kasuwa, da rini, da saƙa, da fatauci, idonsa ne ya gani, yana da nauyi. Ya kuma ce mazauna birnin za su kai 30,000. Wannan ba ƙidaya ya yi ba, ƙiyasi ne na baƙon da ya yi 'yan makonni, don haka in za a kawo adadin sai a ce "Barth ya ƙiyasta". Abin da ya rubuta na sarakunan dā kuwa ji ya yi, kamar kowa. Mutum ɗaya, littafi ɗaya, nauyi iri uku.

Mu da muka riƙe makaranta mun san wannan a aikace. Rajistar ɗaukar yara madogara ce ta farko, babu shakka. In ta ce an ɗauki wane ranar kaza, to haka ne, domin a ranar aka rubuta. Amma gurbin ranar haihuwa fa? Da yawa daga cikinku da ke zaune a nan, hannu muka ce ku ɗora bisa kai ku kamo kunne, wanda ya kamo muka ce ya isa shiga aji ɗaya, muka yanka masa shekara. Wasunku har yau da wannan shekara suke aiki, da ita za su yi ritaya. Layi ɗaya ne a shafi ɗaya, amma gurbi guda shaida ce, na kusa da shi kintace ne. Darasi na uku ke nan: ko takarda ta zama ta farko, sai an tambaya, shin mai rubutun yana da hanyar sanin wannan abu? Yaushe ya rubuta? Don wa ya rubuta, me kuma yake so a gaskata?

To, yaya wannan ya shafi aikin kwamitinmu? Ga shawarwarinmu.

Na farko, duk maganar da za ta shiga littafin a rubuta a gefenta inda aka samo ta. Wadda aka kasa gano tushenta a ajiye ta, ko da kowa a gari yana faɗarta. Shekarar kafuwar gari da muka gani a daftarin, mun tambayi inda aka samo ta, aka ce daga ƙasidar wani biki. Ƙasida madogara ce ta uku. Amfaninta ta nuna mana hanya, kamar mai nuna wa baƙo gidan mai unguwa. Ba a kafa hujja da ita.

Na biyu, a hanzarta zuwa wurin dattawa, maza da mata, tun suna raye. A ɗauki muryarsu, a rubuta sunan mai magana, da ranar hira, da wanda ya yi ta. A riƙa tambaya cikin ladabi: "Baba, wannan a gabanka aka yi, ko ji ka yi? Daga wa ka ji?" Abin da tsoho ya gani da ƙuruciyarsa shaida ce ta farko. Abin da ya ji daga kakansa gado ne mai daraja, amma a rubuta shi da sunan abin da aka gada. A kuma yi hira da kowa shi kaɗai, domin in aka tara su a zaure guda, ƙarami ba zai musa wa babba ba, sai a fito da murya ɗaya a zaci shaidu biyar ne. Kada a tsaya a gidan sarauta kaɗai. A je wa maƙera, da mahauta, da masu unguwanni, da gidan liman, da waɗanda kakanninsu suka nemi sarauta ba su samu ba.

A yi hattara da wani abu kuma. Wani dattijon zai ba ku labari tsaf, har da shekaru, ku yi murna kun sami tushe, alhali a makarantar elemantare ya karanta shi, ko a rediyo ya ji. Littafi ne ya shiga baki ya sake fitowa. Alamarsa ita ce shekarar Miladiyya a labarin da ya girmi zuwan Turawa. Kakanninmu da sarakuna suke ƙirga zamani, da yunwa, da fara, da yaƙi.

Na uku, 'ya'yanmu da ke Kaduna su taimaka su je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, su nemi rahotannin kimanta haraji da littattafan gunduma da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan ƙasarmu. Su leƙa kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. Amma su karanta da ido biyu. A kan yawan harajin da aka sanya, da sunan dagacin da ke kan gado a shekarar, rahoton Bature shaida ce ta farko. A kan asalin gari kuwa jiyau ne: ta bakin tafinta ya ji, daga mutanen da hakimin lokacin ya tara masa, waɗanda suka san cewa abin da suka faɗa zai iya ɗaga wani gida ya danne wani. Kasancewar magana da Turanci, a buge da tafireta, ba ya ƙara mata ko anini.

Na huɗu, kundayen digiri da 'ya'yanmu suka rubuta a kan garin nan a karɓe su hannu biyu, amma a juya bayansu a ga wa suka yi hira da shi, wace takarda suka gani da idonsu. Wanda ya nuna tushensa ya ba mu damar mu bi sawunsa, nauyinsa ya ƙaru. Wanda ya kwafi na gabansa kawai, ya koma sahun masu tattarawa, ko da an ba shi digiri a kai.

Na ƙarshe, mu yarda littafinmu ya yi magana da murya uku. Inda shaidu masu zaman kansu suka haɗu, mu ce "ya tabbata". Inda shaida ɗaya ce, mu ce "wane ya ce", ko "takarda kaza ta nuna". Inda gidaje suka saɓa, mu ce "gidan kaza suna cewa, gidan kaza kuma suna cewa", mu kawo duka. Mun san wasu za su so a buga shekara guda a bangon littafi, a ce garinmu ya shekara kaza da kafuwa, don a yi biki. Muna roƙonsu su yi haƙuri. Kano da girmanta, da malamanta, da littafinta na sarakuna 48, shekarar farkonta ƙiyasi ce. Ba abin kunya ba ne mu ma mu ce "wajen". Abin kunya shi ne jikanmu ya je gaban alƙali ko gaban malaminsa da littafin da muka buga, a tambaye shi tushe, a tarar ramin kura ne babu kura a ciki.

Inda muka yi daidai Allah ya amfana, inda muka yi kuskure a gyara mana, a kuma zo da madogara. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya albarkaci garinmu da zuriyarsa, ya mai da kowa gidansa lafiya.